Ciwon Marar da Yake Ƙaruwa Kowace Shekara: Me Endometiriyosis Zai Iya Bayyanawa?

Akwai wata magana da kusan kowace budurwa mai ciwon mara ta taɓa ji daga bakin uwa, ko goggo, ko malamar kula da ɗakin kwana a makaranta: ki yi haƙuri, idan kin yi aure kin haihu zai daina. Maganar tana da tushe, domin ciwon mara na al'ada wanda yawancin 'yan mata suke fama da shi yakan yi sauƙi da shekaru, kuma sau da yawa yakan ragu sosai bayan haihuwar fari. Inda matsala take shi ne, ana faɗa wa kowa wannan maganar ba tare da an tsaya an duba inda ciwon ya dosa ba. Idan na bana ya fi na bara, na bara kuma ya fi na bara waccan, to wannan ciwo ya saɓa wa tafarkin ciwon mara da aka sani, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ya kamata a yi zargi shi ne cutar da likitoci suke kira endometiriyosis.

Kafin a gane mai tsanani, sai an san yadda na yau da kullum yake. Kowane wata cikin mahaifa yana gina wata shimfiɗa mai laushi domin tarbar ciki. Idan cikin bai shiga ba, shimfiɗar tana saɓulewa ta fita a matsayin jinin haila, kuma a daidai wannan lokaci jiki yana fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin wanda yake sa mahaifa ta riƙa matsewa domin ta turo jinin waje. Wannan matsewa ita ce murɗawar da ake ji a mara. Irin wannan ciwo yana da siffa sananniya. Yakan fara a shekara ta farko ko ta biyu bayan yarinya ta soma al'ada, yana zuwa tare da jinin ko 'yan sa'o'i kafinsa, yana kai maƙura a rana ta ɗaya ko ta biyu, kuma da wuya ya wuce kwana uku. Yana jin maganin rage zafi, kuma tsakanin al'ada da al'ada mace tana garau.

Bari mu ɗauki misali domin a ga bambancin a jikin mutum guda. A ƙaddara wata mata ce mai shekara 29, mazauniyar Tudun Wada a Kaduna, mu kira ta Hauwa. Ta fara al'ada tana da shekara 13, da ciwon mara na kwana ɗaya wanda farasitamol da ruwan zafi a gora suke kwantar da shi. A ajin ƙarshe na sakandare ciwon ya kai ga tana rasa darasi kwana biyu a kowane wata, har da amai. Tana shekara 21, lokacin tana karatun gaba da sakandare, ciwon ya fara riga jinin zuwa da kwana uku, yana sauka ƙugu da cinyoyi, kuma mai kemis ɗin unguwa ya saba da zuwanta neman allura. Ta yi aure tana 24. Maimakon sauƙin da aka yi mata alkawari, sai wani sabon abu ya ƙaru, wato zafi can ciki a lokacin saduwa da maigidanta, wanda yakan ɗauki sa'o'i bayan haka bai lafa ba. Yanzu shekara biyar da aure babu ciki, bahaya a kwanakin al'ada ya zama abin tsoro saboda wani suka da take ji kamar ana caka mata wuƙa ta dubura, kuma kwanakin da take jin daɗin jikinta a wata ba su wuce goma ba. An yi mata hoton ciki sau uku, sau biyu an ce komai lafiya, an ba ta maganin sanyi ya fi a ƙirga.

Duk wanda ya san wannan cuta, da jin wannan labari zai ɗago kai, domin alamomin sun jeru yadda suka saba jeruwa.

Endometiriyosis shi ne samuwar nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajen mahaifa. Wuraren da ya fi zama su ne ma'ajiyar ƙwai guda biyu, da siririyar fatar da ta lulluɓe cikin ƙugu, da jijiyoyin da suka ɗaure mahaifa ta baya, da wani lungu da yake tsakanin mahaifa da ƙarshen hanji. Wani lokaci yana kama hanjin kansa ko mafitsara. Jefi-jefi ana samunsa a cibiya ko a tabon tiyatar haihuwa, inda mace za ta ga wani ƙulli yana kumbura yana ciwo duk wata, har ma akan same shi a tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da suke shekarun haihuwa suna ɗauke da shi, wato kusan mutum miliyan 190. Idan aka kawo lissafin gida, a ajin 'yan mata hamsin ba abin mamaki ba ne a samu biyar da za su yi fama da shi a rayuwarsu.

Bayanin da ya fi shahara game da yadda naman yake kaiwa can shi ne wanda likitan Amurka John Sampson ya gabatar a shekarun 1920, cewa wani ɓangare na jinin haila yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ƙugu, ɗauke da gutsattsarin shimfiɗar mahaifa. Daga baya an gano cewa wannan komawar jini tana faruwa ga mafi yawan mata, amma jikinsu yana share ta ba tare da matsala ba. Saboda haka akwai ƙarin dalilai da suka shafi garkuwar jiki da kuma gado, domin wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta jini take da cutar ta fi sauran mata yiwuwar samunta. Abin da ya tabbata shi ne, ba a ɗaukar ta daga banɗaki, ba ta zuwa ta hanyar saduwa, kuma ba ta da alaƙa da shan zaƙi ko ruwan sanyi a lokacin al'ada. Na ga dacewar faɗin wannan a sarari, saboda mata da yawa suna ɗauke da zargin kai a kan abin da ba su da hannu a cikinsa.

To me ya sa ciwon yake ƙaruwa? Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Naman da ya ɓata hanya yana sauraron sinadarin istirojin da ma'ajiyar ƙwai take fitarwa, kamar yadda shimfiɗar cikin mahaifa take saurarensa. Duk wata yana kumbura, yana tsattsafar da jini kaɗan, yana tayar da kumburi a wurin da yake. Jinin cikin mahaifa yana da ƙofar fita, amma wannan ba shi da ita, sai ya zauna a ciki jiki ya yi ta ƙoƙarin gyara wurin. Gyaran jiki kuwa tabo ne. Mace mai al'ada a kan kari tana yinta sau goma sha biyu ko sha uku a shekara, don haka a shekara goma an yi wa wuri guda rauni an bar shi ya warke fiye da sau ɗari. Tabon yana taurara, yana kuma manna gaɓoɓin da ya kamata su riƙa zamewa a kan juna, sai ma'ajiyar ƙwai ta manne a bayan mahaifa, ko mahaifa ta manne da hanji. Wannan shi ne dalilin zafin da Hauwa take ji a lokacin saduwa da lokacin bahaya, domin duk abin da ya tura ko ya ja waɗannan gaɓoɓi yana jan tabon ne.

Akwai dalili na biyu wanda ba a cika bayyana wa marasa lafiya ba. Ƙananan jijiyoyin jin zafi suna tsirowa su shiga cikin wannan nama, kuma idan jijiya ta shekara da shekaru tana kai saƙon ciwo, ita da laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara kaifin ji, ta yadda abin da a da ba ya ciwo, kamar cikar mafitsara ko motsin hanji, yanzu sai ya zama ciwo. Tsokokin ƙasan ƙugu su ma sukan ɗaure saboda yawan jiran zafi. Ta haka ne ciwon da ya fara a matsayin na kwana biyu a wata yake bazuwa ya cinye rabin wata, daga baya ya zama na kusan kullum. Wannan sauyi ne na zahiri a cikin jijiyoyi, kuma wanda ya ce wa mai irin wannan ciwo raki ne ko son jiki ya zalunce ta.

Sai dai wajibi ne a yi adalci ga abin da bincike ya nuna. Ba kowace mai endometiriyosis ce cutarta take ci gaba da girma ba. A wasu tana tsayawa yadda take, a wasu ma tana ja baya. Haka kuma yawan naman da aka gani a ciki ba ya nuna yawan ciwon. Likitoci suna kasa cutar mataki huɗu gwargwadon yaɗuwarta, amma ana samun mai mataki na ɗaya, da 'yan ɗige-ɗige kawai, tana birgima a ƙasa duk wata, ana kuma samun mai mataki na huɗu wadda ba ta san tana da komai ba sai da aka zo binciken rashin haihuwa. Ma'anar wannan ita ce, ƙaruwar ciwo dalili ne mai ƙarfi na yin bincike, amma shi kaɗai ba hujja ba ce cewa ciki ya lalace.

Ba endometiriyosis kaɗai ke sa ciwon al'ada ya ƙaru ba, kuma likita nagari zai tankaɗe sauran. Ƙarin mahaifa da ake kira fayibiroid ya yawaita ƙwarai a tsakanin matanmu, amma shi ya fi zuwa da zubar jini mai yawa da guda-guda da girman mara, kuma hoto yana nuna shi cikin sauƙi. Akwai adinomayosis, inda naman shimfiɗar yake kutsawa cikin tsokar mahaifar kanta, ya sa ta kumbura ta yi nauyi. Ya fi bayyana ga matan da suka haura talatin da biyar, kuma sau da yawa yana tafiya tare da endometiriyosis. Sai kuma wanda ya fi kowanne rikita al'amari a wurinmu, wato ciwon sanyi.

Kalmar sanyi a bakin mutanen Kaduna ta zama babban buhu da ake zuba komai a ciki: ƙaiƙayi, fitar ruwa, ciwon mara, ciwon baya, rashin haihuwa. Gaskiya ne akwai cutar ƙwayoyin cuta da take hawa mahaifa da bututun ƙwai, tana kuma kawo ciwon mara, yawanci tare da zazzaɓi ko fitar ruwa mai wari, kuma cikakken magani na kwana 14 ga mace, tare da yi wa mijinta magani, yana kashe ta. Amma ciwon da yake bin kalandar al'ada sau da ƙafa, yana tashi da ita yana sauka da ita shekara da shekaru, wanda an sha antibayotik zagaye biyar ko shida bai gusa ba, da wuya a ce ƙwayar cuta ce. Ga wata matsalar kuma, gwajin ruwan gaba da ake yawan yi yakan nuna ƙwayoyin da dama can suna zaune a jikin mai lafiya, sai a ga sunan wata ƙwaya a takarda a ce an kama ɓarawo, a sake rubuta allurai. Wannan ruɗani yana da tarihi, domin an daɗe a littattafan likitanci ana koyar da cewa baƙar mace ba ta cika samun endometiriyosis ba, saboda haka duk ciwon marar da ta kawo sai a ce sanyi ne. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Ibadan, aka wallafa a 2015, ya samu cutar a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da na'ura saboda matsalolin mata. Waɗannan mata ne da dama suna da ƙorafi, don haka adadin ba na dukan jama'a ba ne, amma ya isa ya rushe tunanin cewa cutar ta Turawa ce. A ƙasashen da suke da isassun kayan aiki ma, mata sukan ɗauki shekara bakwai zuwa goma daga fara ciwo kafin a gano sunan abin da yake damunsu.

Mu koma ga hotunan Hauwa guda biyu da aka ce lafiya lau. Sikanin da ake ɗora na'ura a kan mara yana ganin mahaifa da ma'ajiyar ƙwai da manyan ƙari, amma ba ya ganin ɗige-ɗigen endometiriyosis da suke shimfiɗe a fatar cikin ƙugu, waɗanda wasunsu ba su fi ƙwayar gero ba. Don haka sakamakon da ya ce ba a ga komai ba yana nufin ba a ga ƙari ko ƙullutu ba, bai kore cutar ba. Wannan jumla ɗaya, da za ta isa kunnen kowace mai ciwon mara da kowane mijinta, da an rage shekarun wahala masu yawa. Hoton da ake yi ta gaba, da siririyar na'ura, ya fi gani sosai, musamman a hannun wanda ya ƙware a neman cutar, domin yana iya duba ko mahaifa tana zamewa a kan hanji ko ta manne. Ga budurwar da ba ta yi aure ba, ana iya tsayawa a na saman mara, ko a yi hoton em-ar-ai, wanda ake shigar da mutum cikin babbar na'ura domin a ga cikin jiki dalla-dalla, idan ana zargin cutar ta yi zurfi.

Hoto na uku, wanda likitan mata ya tura ta aka yi ta gaba, shi ne ya nuna ƙullutu mai faɗin santimita 5 a ma'ajiyar ƙwai ta hagu, cike da ruwa mai kauri. Ƙullutun da yake fitowa a sanadin fitar ƙwai na wata-wata yakan baje da kansa cikin wata biyu ko uku, shi ya sa aka ce ta dawo bayan mako takwas. Da ta dawo yana nan yadda yake. Irin wannan shi ake kira endometiriyoma, tarin tsohon jini ne da ya yi kauri ya koma launin cakulan, kuma ganinsa a hoto kusan ya isa a tabbatar da cutar.

Hanyar da ake ganin cutar ido da ido ita ce lafaroskofi, wato a sa mace barci, a yi 'yar ƙaramar ɓula a cibiya, a zura kyamara a duba cikin ƙugu, a yanko ɗan nama a kai ɗakin gwaji, kuma a cire abin da aka gani a zama ɗaya idan da hali. A da ana ganin ba a tabbatar da cutar sai da wannan aiki. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 sun sassauta wannan matsayi: idan labarin ciwon da gwajin likita da hoto sun nuna cutar, ana iya fara magani ba tare da tiyata ba, a ajiye lafaroskofi ga wadda hoto bai nuna komai ba kuma magani bai yi mata aiki ba. A ganina wannan sauyi ya fi amfanar irinmu, inda aikin yake da tsada kuma masu yinsa ba su da yawa. Babu wani gwajin jini da yake tabbatar da cutar ko kore ta, saboda haka kada a kashe kuɗi a kan wanda aka ce zai yi hakan.

Abin da ya fi kowane hoto amfani a ranar ganin likita shi ne labari mai tsari. Mace ta samu ɗan littafi ta rubuta na wata uku: ranar da ciwo ya fara, ranar da jini ya zo, ranar da kowannensu ya ɗauke, tsananin ciwon daga 1 zuwa 10, maganin da ta sha da ko ya yi aiki, ranakun da ta kasa zuwa aiki ko makaranta ko ɗora tukunya. Ta rubuta har abubuwan da kunya take hana faɗa, wato zafin saduwa, zafin bahaya ko fitsari a kwanakin al'ada, ganin jini a cikinsu, kumburin ciki da gudawa ko taurin bahaya masu zuwa da wata. Da yawan mata idan likita ya tambaya sai su ce, «Likita, mara ce kawai take damuna,» su yi shiru a kan sauran, alhali sauran ne suke nuna hanya. Wadda bakinta ya yi nauyi ta miƙa takardar kawai. A Kaduna, wurin da ya dace a nufa shi ne sashen mata na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, a nemi ganin ƙwararren likitan mata, kuma babu laifi mace ta ambaci sunan cutar da bakinta ta tambaya ko an yi tunaninta.

Game da magani, gaskiyar farko ita ce har yanzu babu wanda yake kawar da cutar gaba ɗaya, amma akwai masu danne ta sosai. Matakin farko shi ne magungunan da suke hana jiki haɗa furostagilandin, irin su ibufurofen, wanda babba take shan miligiram 400 sau uku a rana bayan cin abinci. Sirrinsa yana ga lokaci, domin ya fi aiki idan an fara shi kwana ɗaya kafin ranar da ake sa ran ciwon, ko da jin alamar farko, a ci gaba kwana biyu ko uku, maimakon a jira sai ciwo ya kwantar da mutum. Kuskuren da ake yawan yi shi ne haɗa biyu ko uku daga dangi ɗaya, a sha ibufurofen a ƙara da daikulofenak a kan cikin da babu abinci, wanda hakan ba ya ƙara sauƙi sai dai ya jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda. Mai olsa, da mai ciwon ƙoda, da mai asma da irin waɗannan magunguna suke tayar mata, su nemi shawarar likita tukuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar fentazosin da ƙwayar tiramadol da wasu suke komawa gare su duk wata, domin jiki yana sabawa da su, kuma mace tana iya wayar gari da cuta biyu a maimakon ɗaya.

Mataki na biyu shi ne kwantar da zagayen wata-wata, tunda shi yake hura wutar. A nan ne ake amfani da magungunan da jama'a suka sani da na tazarar haihuwa: ƙwayar da ake sha kullum, wadda likita zai iya cewa a sha ta a jere ba hutu domin al'adar ta ɗauke; ko ƙwayar dayanojes ta miligiram 2 a rana, wadda aka tanada musamman domin wannan cuta; ko allurar wata uku; ko ashanar hannu; ko robar mahaifa mai ɗauke da sinadari. A lura, robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta cikin wannan sahu, ita tana iya ƙara ciwon ma. Na san inda gardama take tasowa a gidajenmu. Uwa za ta ce, «Yaya za a ba yarinyar da ba ta yi aure ba maganin hana haihuwa?» Wata kuma ta ji tsoron cewa jinin da bai fita ba yana taruwa a ciki. Jinin ba ya taruwa, domin maganin yana hana shimfiɗar yin kauri tun farko, don haka babu abin da zai zuba. Matan da suka taɓa shan ƙwayar jinkirta al'ada domin aikin Hajji sun riga sun san dangin wannan magani. Kuma ba ya kashe haihuwa. Idan an daina, ƙwai yana dawowa, sai dai allurar wata uku takan yi jinkiri har kusan shekara, abin da ya sa ba ita ce zaɓin wadda take son ciki nan kusa ba. Ƙwayar da take ɗauke da istirojin ba ta dace da mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da yake zuwa da walƙiya a ido ba, shi ya sa ba a kemis ake zaɓarta ba. Ana ba kowane magani wata uku zuwa shida kafin a yanke hukunci a kansa, kuma ɗigon jini a watannin farko abu ne da aka saba gani. Idan waɗannan sun gaza, akwai allurai masu ƙarfi da suke sa jiki ya shiga yanayin daina al'ada na wucin gadi, amma suna rage ƙarfin ƙashi, don haka ba a cika wuce wata shida da su ba sai an haɗa da wani maganin kariya.

Ga Hauwa lissafin ya bambanta, domin ita ciki take nema, kuma duk waɗannan magunguna masu kwantar da zagayen wata-wata suna hana ɗaukar ciki muddin ana shansu, ba sa kuma ƙara damar samunsa bayan an daina. Cutar tana rage haihuwa ta hanyar manne bututun ƙwai, da lalata ma'ajiyar ƙwai, da kumburin da yake dagula haɗuwar ƙwai da maniyyi. Ana ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu cutar suna samun wahalar ɗaukar ciki, wanda yake nufin rabi ko fiye suna haihuwa. Kafin a taɓa ta da wuƙa, daidai ne a gwada maniyyin maigida, a duba ko bututunta a buɗe suke, a auna yawan ƙwan da ya rage mata. Sannan a auna amfanin tiyata da illarta: cire ƙullutun da raba abin da ya manne yana rage ciwo kuma yana iya buɗe hanyar ciki, amma duk lokacin da aka ɓare ƙullutu daga ma'ajiyar ƙwai ana tafiya da wani ɓangare na ƙwai masu kyau. Saboda haka aikin farko shi ne mafi daraja, ya kamata a yi shi a hannun wanda ya saba, kuma maimaita shi sau biyu sau uku yana iya ƙarar da ƙwan mace tun tana da ƙuruciya. Idan bututun sun toshe ko shekaru sun ja, dashen ƙwai da ake haɗawa a ɗakin gwaji shi ne hanya mafi kusa, duk da tsadarsa.

Bayan tiyata cutar tana iya dawowa, kuma a cikin shekara biyar hakan yana faruwa ga kaso mai yawa, har kusan rabi a wasu ƙididdiga, shi ya sa wadda ba ta neman ciki nan take ake ɗora ta a kan maganin dannewa bayan aiki. Ciki da shayarwa sukan kawo hutu saboda al'ada ta tsaya, amma ciwon yakan dawo da dawowarta, don haka aurar da yarinya ko matsa wa mace ta yi ciki ba magani ba ne. Cire mahaifa ma ba tabbas ba ne, tunda naman yana wajenta, sai idan an bi shi an cire. Yawanci cutar tana lafawa bayan daina al'ada.

Akwai yanayin da ba a jiran ranar asibiti. Idan ciwo ya sauko farat ɗaya a gefe guda na mara, da tsananin da ba a saba ba, tare da amai, jiri, zufa mai sanyi ko suma, ƙullutun yana iya kasancewa ya fashe ko ma'ajiyar ƙwai ta murɗe. Idan kuma al'ada ta yi jinkiri kafin wannan ciwo, to a yi zargin ciki a wajen mahaifa, wanda masu lalatattun bututu suka fi fuskanta, kuma yana iya kashewa cikin sa'o'i. A irin wannan hali a wuce sashen gaggawa kai tsaye ko da tsakar dare ne, a faɗa musu ranar al'ada ta ƙarshe, a nemi gwajin ciki da hoto, kuma kada a ba ta abinci ko abin sha a hanya saboda yiwuwar shiga tiyata.